Darasi na Tara: Yadda Ake Shirya Ƙuli-ƙuli Ya Shiga Kanti

A wannan darasi za mu ɗauki kaya guda ɗaya da kowa ya sani, wato ƙuli-ƙuli, mu bi shi tun daga kasko har ya hau kantar mai shago. Abin da muke son ganewa shi ne dalilin da ya sa ƙuli ɗaya, wanda hannu ɗaya ya murza daga tunkuza ɗaya, yake yin kuɗi kaɗan a ƙullin leda amma ya yi kuɗi da yawa idan an shirya shi da kyau, da kuma nawa wannan shiri yake ci daga ribar mai sana'a. Wadda take yin yaji ko dambun nama ko cincin za ta tarar yawancin abin da za a faɗa ya shafi kayanta, amma mu a kan ƙuli za mu tsaya.

Wanda ya zo ƙofar gida sayen ƙuli ya san mai yin sa. Ya san gidanta, ya san tsabtarta, idan ya ga dama ma sai ya ɗauki ɗaya ya ɗanɗana. Wanda ya shiga kanti ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Bai san ku ba, ba zai iya ɗanɗanawa ba, kuma ba zai tsaya tambaya ba. Abin da yake da shi kawai idonsa ne da hannunsa. Da su zai yanke hukunci a kan ko kayan nan mai tsabta ne, ko sabo ne, ko yawansa ya kai kuɗinsa, da kuma wanda zai nema idan ya tarar da matsala. Duk wani abu da za ku kashe wa kuɗi a wajen shirya kaya, ku auna shi da waɗannan tambayoyi na mai saye. Abin da bai amsa ko ɗaya daga cikinsu ba, ado ne kawai, kuma ado shi ne inda ƙananan masu sana'a suka fi yin asarar kuɗi.

Gyaran da ba ya cin ko kwabo

Leda mai haske ba ta ɓoye komai, saboda haka gyara na farko a jikin ƙulin yake. Ku zaɓi siffa ɗaya, ko zobe ko dogo ko ɗan dunƙule, ku tsaya a kanta. Idan ana murzawa a riƙa gutsuro tunkuza da cokali ɗaya domin girman ya zo daidai. Wannan yana da amfani biyu. Ƙuli masu girma ɗaya suna soyuwa lokaci ɗaya, ba za a samu ƙanana sun ƙone manya ba su soyu ciki ba. Sannan idan suka jeru a leda, ido yana ganin aikin wanda ya san abin da yake yi.

Bayan suya a baza su a faranti mai faɗi, a tsince waɗanda suka yi baƙi da waɗanda suka karye. Ƙonannen ƙuli guda ɗaya a cikin leda ya isa ya sa mai saye ya mayar da ita kan kanta, domin idonsa a kansa zai fara sauka. Karyayyun ba asara ba ne. A daka su a yi garin ƙuli na kwaɗo ko na yajin tsire, a sayar da shi daban.

Akwai tsintar da ta fi wannan muhimmanci, kuma tun kafin a soya gyaɗa ake yin ta. Gyaɗar da ta yi fumfuna ko ta yamutse ko ta sauya launi tana iya ɗauke da wani dafi da likitoci suke kira afalatoksin, wanda yake cutar da hanta, kuma suya ba ta kawar da shi. Babu leda ko takarda da za ta gyara wannan. Duk wanda zai sa sunansa a jikin kaya, to ya fara da zubar da ruɓaɓɓiyar gyaɗa.

Leda da liƙi

Maƙiyan ƙuli uku ne: danshi, iska da rana. Danshi yana kashe masa garas-garas ɗin da ake saye dominsa, ya mayar da shi mai tauri kamar danƙo, daga baya fumfuna ta biyo. Iska da hasken rana kuwa suna lalata ragowar man da ke jikinsa, shi ne za ku ji warin tsohon mai da maƙaƙi a maƙogwaro. Siririyar ledar ƙulli da aka saba da ita ba ta tare ko ɗaya yadda ya kamata. Ƙulli ba ya toshe iska, ledar tana hujewa da tsinin ƙulin kansa, kuma mai yana manne ta ta yi dishi-dishi, kayan ya zama kamar ya kwana biyu ko da yau aka soya shi.

A wajen masu sayar da leda za ku tarar da iri biyu da suka dace da abinci. Ɗaya mai laushi ce, tana ɗan miƙewa idan an ja ta, kuma haskenta ba ya fita sosai. Ana rubuta mata PE. Ɗayar kuma garau take kamar gilashi, tana ƙara idan an murza ta, ita ce PP. Ga ƙuli, ta biyun ta fi, saboda launinsa yana fitowa sarai kuma ledar tana tsayawa da siffarta a kan kanta. Ku nemi mai ɗan kauri. Hanyar gwadawa a shago ita ce ku tafi da ƙuli guda biyu, ku sa a ciki ku matsa da hannu. Idan tsinin ya ɓula ta, ba ta yi ba. Kada a yi amfani da baƙar leda ko tsohuwar jarida ga abin da zai taɓa abinci. Mai yana narkar da tawadar jarida ta shiga ƙulin.

Girman leda ma abin lura ne. Ledar da ta fi kayan girma tana sa ƙulin ya taru a ƙasa, mai saye ya ga kamar an rage masa. Ku zaɓi wadda idan an zuba kayan zai cika kusan kashi uku cikin huɗu nata, a bar abin da bai gaza faɗin yatsu biyu ba a sama domin liƙi.

Kafin a zuba, dole ƙulin ya huce sarai. Zuba shi da ɗuminsa shi ne kuskuren da aka fi yi, musamman idan mai shago yana jira. Ƙuli mai ɗumi yana fitar da tururi, tururin ya kwanta a jikin leda daga ciki, ya koma cikin ƙulin. Alamar ita ce ku ga leda ta yi gumi ko hazo jim kaɗan bayan rufewa. Idan kun ga haka ku buɗe nan take ku sake bazawa. Yadda za a tabbatar ya huce shi ne a karya guda ɗaya a taɓa tsakiyarsa da leɓe, domin waje yana rigan ciki sanyi. Da hunturu wannan ba ya ɗaukar lokaci, kuma busasshiyar iska tana taimakawa. Da damina kuwa, musamman a watan Agusta, kada a bar shi a buɗe fiye da yadda hucewa take buƙata, don zai fara shan danshin iska tun kafin ya shiga leda.

Liƙi iri biyu ake yi. Akwai ƙaramar na'urar liƙe leda ta hannu mai amfani da lantarki, wadda take da makunni mai lambobi a gefe. Lambobin suna nuna tsawon lokacin da wayar ciki za ta yi zafi. Ku fara da ƙaramar lamba a kan ledar gwaji, ku riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Idan kun ja bakin ledar ya buɗe cikin sauƙi, zafin bai isa ba. Idan layin ya yamutse ko ya yanke ledar, ya yi yawa. Liƙi mai kyau layi ne miƙaƙƙe mai haske, wanda idan aka ja da ƙarfi ledar ce za ta yage a wani wuri, shi yana nan. Idan fitilar na'urar ta mutu kada ku ɗaga hannu nan take. Ku ci gaba da dannawa na ɗan daƙiƙa biyu, domin a lokacin hucewar ne liƙin yake kamawa.

Wadda ba ta da na'ura ko ba ta da wuta za ta iya amfani da kyandir da tsohon bakin zarto na yankan ƙarfe, wanda aka wanke. Ana naɗe bakin ledar a kan gefen zarton, a bi da shi ta gefen harshen wutar a hankali ba tare da tsayawa ba. Ƙarfen shi yake sa layin ya miƙe. A bi ta ƙasan harshen wutar, domin samansa yana barin baƙin hayaƙi a jikin leda. Wannan hanya tana aiki, amma tana son sabo, kuma ba ta da sauri. Ga wadda take gwada kasuwa da leda ashirin ko talatin ta isa.

Ko da wace hanya aka bi, mai ko gari a bakin leda yana hana liƙi kamawa. Shi ya sa bai kamata a zuba ƙuli da hannu kai tsaye ba. A yanke saman wata tsabtatacciyar roba mai faɗin baki a yi mazurari da ita, a zura shi cikin ledar, ƙulin ya wuce ba tare da ya shafi bakin ba. Bayan an gama, a ɗauki leda ɗaya daga cikin kowace goma a nutsa ta a ruwan kwano a matsa a hankali. Idan kumfar iska ta fito, akwai ƙofa, sai a duba sauran.

Awo

Hausawa suna cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma a kanti wannan magana tana aiki a kan mai sana'a. Idan leda goma suka jeru, ɗaya ta fi ɗaya cika, mai saye zai tsaya zaɓe, ya ɗauke masu yawan, ragowar su zauna wa mai shago. Ƙaramin sikelin kicin mai batir yana maganin wannan. A ɗora kwano babu komai, a danna maɓallin da aka rubuta TARE domin lamba ta koma sifili, sannan a zuba ƙuli har ya kai nauyin da aka tsayar, misali giram 100. Tunda ƙuli ba gari ba ne, ba zai tsaya cif ba. Ku bar shi ya ɗara da giram biyu ko uku, amma kada ya gaza abin da kuka rubuta.

Sikeli yana kare mai sana'a ita ma. Da yawa daga masu ƙulla kaya da hannu ba su san cewa hannunsu yana ƙara nauyi idan sun gaji ko suna hira ba. Wadda ta fara awo takan gano cewa ta daɗe tana bayar da kyautar da ba ta yi niyya ba.

Takardar shaida a jikin kaya

Takardar da ake mannawa ita ce take tsayawa a madadinku a gaban mai saye. Ya kamata ta ɗauki sunan kayan da manyan haruffa, da abubuwan da aka haɗa shi da su, a fara da wanda ya fi yawa: gyaɗa, man gyaɗa, gishiri, barkono, citta, ko duk abin da kuka sa. Sai nauyi, da sunan mai sana'a da adireshi da lambar waya, da ranar da aka yi shi, da ranar da ya kamata a cinye kafin ta wuce. Kalmar gyaɗa ta fito fili, domin akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar ta ko kaɗan, kuma baƙon da bai san ƙuli ba zai iya saye bai san da me aka yi shi ba.

Ba sai an je babbar maɗaba'a ba. Takarda mai girman A4 faɗinta santimita 21 ne, tsawonta 29.7. Idan aka raba ta layi uku a faɗi, takwas a tsawo, za a samu ƙananan takardu 24, kowace santimita 7 a faɗi da kusan 3.7 a tsawo, kuma wannan ya ishi ledar giram 100. Duk shagon da ake buga takardu da kwamfuta zai iya tsara wannan a takarda mai gam a baya. Ku nemi a buga da injin da yake amfani da garin tawada, irin na hoton takardu, domin tawadar ruwa tana zuba da zarar jiƙaƙƙen hannu ya taɓa ta. A bar gurbin kwanan wata babu komai, a riƙa cikewa da biro ko hatimi, don kada takardun su tashi aiki bayan suya ɗaya.

Ra'ayina shi ne baƙin rubutu a farar takarda, ko launi ɗaya tak, ya fi takarda mai launi biyar da hotuna. Ya fi araha, ya fi saurin karantuwa daga nesa, kuma ba ya gasa da ƙulin. Kada takardar ta rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku na fuskar ledar, tunda kayan ne ake son a gani. A manna ta daga waje, a wuri ɗaya a kowace leda, a miƙe. Takardar da aka jefa cikin leda tana shan mai ta yi tabo, ga kuma tawada tana taɓa abinci.

Ranar ƙarewa ba a ƙirƙiro ta. Ku liƙe leda shida daga suya ɗaya, ku ajiye a ɗaki irin yanayin shago, ku riƙa buɗe ɗaya kowane mako kuna shinshinawa kuna ɗanɗanawa. Makon da kuka fara jin garas-garas ya ragu ko ƙamshin mai ya sauya, nan ne iyakar kayanku, sai ku rubuta lokacin da ya gaza haka da mako ɗaya ko biyu. A maimaita gwajin da damina, domin sakamakon hunturu ba zai yi daidai da nata ba. Leda, komai kyanta, iska tana ratsa ta a hankali, saboda haka ku roƙi mai shago kada ya jera kayan inda rana take bugawa.

A Nijeriya, abincin da aka rufe a mazubi domin sayarwa yana ƙarƙashin kulawar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, kuma ita take ba da lambar rajista. Ƙa'idarta tana neman bayanin jikin kaya ya kasance da Turanci, ana kuma iya ƙara wani harshe, don haka kuna iya rubuta Hausa a gefe. Manyan kantuna sukan nemi lambar kafin su karɓi kaya, saboda haka wadda take son kai wa can ta je ofishin hukumar na jiharta ta ji sharuɗɗa. Rubuta lambar ƙarya ko aron lambar wani laifi ne da ake hukunta mutum a kansa. Haka nan kada a rubuta cewa kayan yana maganin wata cuta.

Lissafi

Yanzu mu ga ko wahalar ta biya. Kuɗaɗen da ke ƙasa na misali ne kawai domin koyon hanyar lissafi. Farashi yana sauyawa, don haka kowa ya sa na kasuwarsa.

A ce wata mai sana'a tana fitar da ƙuli kilo 5 a suya ɗaya. A da tana ƙulla na naira 100, kowane ƙulli kusan giram 50, wato ƙulli 100, kuɗinsu naira 10,000. Ledar ƙulli ta ci naira 300, saura 9,700.

A sabon tsari ta tsince karyayyu da ƙonannu giram 200, saura giram 4,800, wato leda 48 masu giram 100. Kowace leda ta saye ta naira 15. Takarda mai gam guda ɗaya da bugu naira 150, idan aka raba 24 kowace ta tashi kusan naira 6. Na'urar liƙi da sikeli a ce sun ci naira 18,000. Ba a ɗora wannan a kan suya ɗaya, sai a raba shi a kan leda 2,000 da ake sa ran za su yi aiki a kansu, kowace ta ɗauki naira 9. Jimillar shiri a kan leda ɗaya ta zama naira 30, leda 48 kuma naira 1,440. Idan mai shago ya karɓa a naira 280 domin ya sayar 350, kuɗin leda 48 ya kama naira 13,440. A cire 1,440, saura 12,000. Bambanci da tsohon tsari naira 2,300 ne a suya ɗaya, ban da abin da za a samu daga garin ƙuli.

Ku lura cewa kuɗin shirin ya tsaya kusa da kashi ɗaya cikin goma na farashin da ta sayar. Wannan ma'auni ne mai kyau ga kaya irin wannan. Yanzu a ce ta ga robar kanti mai murfi ta burge ta, kowace naira 150. Da takarda da kuɗin kayan aiki ta tashi 165. Idan mai shago bai ƙara a kan 280 ba, abin da zai rage mata naira 115 ne a kan giram 100, alhali a ƙullin leda na da tana samun 194. Ta ƙara wahala ta rage riba. Roba ba ta biya sai a babban awo, kamar rabin kilo na tsaraba ko na biki, inda kuɗinta yake ɓacewa a cikin farashi.

Akwai abubuwa biyu da lissafin nan bai nuna ba. Na farko, masu shago da yawa ba sa biya sai kaya ya ƙare, wasu kuma suna dawo da abin da bai tafi ba. Wadda jarinta kaɗan ne za ta iya rasa kuɗin gyaɗar mako mai zuwa alhali kayanta yana kan kanta. Shi ya sa ya fi kyau a fara da leda goma sha biyu a shago ɗaya ko biyu, a yi magana a fili kan ranar biya, a rubuta a littafi. Na biyu, yaran unguwa da masu shan gari da suke sayen na naira 100 ba za su biya kuɗin takarda ba, kuma ba su buƙatarta, tunda sun san ku. Kada a kore su. A ci gaba da ƙulla musu nasu, a ware wani kaso na suyar domin kanti, tasha, ofisoshi da makarantun kwana, inda masu saye ba su san hannun da ya yi ba.

Aikin gida

Kowa ya ɗauki ƙulli goma na kayan da yake sayarwa yanzu ya kawo aji mu auna a sikeli, mu rubuta mafi nauyi da mafi sauƙi. Sannan ku je kasuwa ku tambayo kuɗin leda mai haske guda 100 da kuɗin buga takarda ɗaya mai gam, ku sake lissafin da muka yi da farashinku, ku fitar da mafi ƙarancin kuɗin da za ku iya sayar wa mai shago ba tare da kun gaza ribar da kuke samu a yanzu ba. Wadda take da hali ta liƙe leda shida ta rubuta kwanan wata a jikinsu, za mu buɗe ta farko tare a darasin mako mai zuwa.